Haɗa shekarun aiki na ƙasashe biyu wajen biyan fansho

Haɗa shekarun aiki wani tsari ne da ƙasashe biyu ke amincewa da shi a yarjejeniyar inshorar ma'aikata, domin kada wanda ya yi aiki a ƙasashen biyu ya rasa fansho idan ya dawo gida. Ba a kwashe kuɗi daga asusun wata ƙasa a kai wata. Shekarun da ma'aikaci ya biya gudummawa ake haɗawa, sannan kowace ƙasa ta biya rabonta. Misalin irin wannan yarjejeniya shi ne wadda Nijar da Faransa suka sanya wa hannu a shekarar 1973. Ƙungiyar ECOWAS ma ta amince da irin wannan tsari ga ƙasashenta a 2013.

Yadda ake lissafi

A ƙasashe da yawa ba a biyan fansho sai mutum ya cika wasu shekaru yana biyan gudummawa. A ce dokar wata ƙasa ta sa shekara 15, ma'aikaci kuwa ya yi shekara 10 a can da shekara 8 a ƙasa ta biyu. In babu yarjejeniya, bai cancanta ba. In akwai, sai a haɗa su zama 18, ya wuce sharaɗin.

Daga nan ƙasar farko za ta lissafa abin da zai samu da a ce duk shekara 18 a cikinta ya yi, misali sefa 90,000 a wata. Sai ta biya kashi 10 cikin 18 na wannan adadi, wato sefa 50,000. Ƙasa ta biyu ta lissafa nata bisa dokarta. Watannin da aka biya a ƙasashen biyu lokaci guda sau ɗaya ake ƙirga su.

Matsayin Najeriya

Tun dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ma'aikaci a Najeriya yana da asusun kansa ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom. Yana zuba kashi 8 cikin ɗari na albashi, mai aiki ya zuba kashi 10. Abin da ya taru a asusun ne haƙƙinsa, don haka shekarun da ya yi a waje ba sa ƙara masa komai a ciki.

Iyakar tsarin

Shekarun da aka yi rajista aka kuma biya gudummawa ne kawai ake ƙirgawa. Ɗan kasuwar Jega, ko mai fataucin albasa daga Aliero, ko ɗan cirani daga Maiyama da ya yi shekaru a Yamai ba tare da rajista a hukumar CNSS ta Nijar ba, ba shi da abin haɗawa. Wanda ya yi aikin albashi kuwa, ya kamata ya karɓi lambar rajistarsa da takardar watannin da aka biya masa kafin ya taho, domin wani mai aikin yakan cire kuɗin daga albashi amma bai kai wa hukuma ba.