Jar Tukunyar da Ke Rataye a Bango: Me Ke Cikinta, Kuma Tana da Rai?

A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari da ke Kano. Irin wannan wuta, kafin ta gagari 'yan kwana-kwana, takan fara ne daga ɗan wuri: soket da ya yi zafi, janareta da fetur ya zuba a kansa, ko risho da aka manta. Domin wannan mintin farko aka ƙera tukunyar kashe gobara. Sai dai kusan dukkan tukwanen ja ne, alhali abin da ke cikinsu ya bambanta.

Ana gane su da launin tambarin da ke jikinsu. Mai shuɗi hoda ce, mai baƙi iskar CO2, mai ruwan madara kumfa, mai rawaya kuma ruwan magani na musamman don man girki. Wadda take ja zalla ruwa ne, kuma aikinta bai wuce katako, takarda da yadi ba.

Kicin ne wurin da aka fi yin kuskure. Idan man tuya ya kama da wuta a kasko, hannu yakan kai ga bokiti kafin tunani ya zo. Ruwan kuwa yana nutsewa ƙarƙashin man, ya rikiɗe tururi nan take, ya kumbura kimanin sau 1,700, ya watso mai da wuta har silin. Hoda ma ba ta gamsar a nan, domin ba ta sanyaya man, sai wutar ta sake tashi. Abin da ya dace shi ne mai tambarin rawaya da harafin F, wadda ke mayar da saman man kamar sabulu ta rufe shi. Wanda bai samu ba, ya kashe murhun, ya zura murfin ƙarfe ko bargon kashe wuta a kan kaskon, ya bar shi ya huce sarai. Idan gas ne ke ci, rufe kan tukunyar gas ɗin shi ne farko, matuƙar hannu zai kai lafiya, don wutar da aka kashe gas na ci gaba da fita tana iya dawowa da fashewa.

Mai shagon atamfa ko kayan masarufi, hoda mai rubutun ABC mai kilo 6 ko 9 ta fi masa, don tana kama yadi, fetur da gas. Mai sayar da wayoyi ko kwamfuta ya haɗa da CO2, saboda hoda tana shiga cikin na'ura ta lalata ta. Amma CO2 tana ƙwace iskar numfashi a ƙuntataccen ɗaki, kuma bakinta yana yin sanyin da zai ƙona tafin hannu.

Mota kuwa hoda ce, aƙalla kilo 1 ga ƙaramar mota. Abin takaici, direbobi da yawa suna sayenta ne don jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, sai ta shekara a ƙasan but, ƙarƙashin safaya. Mai kilo 1 takan ƙare cikin kimanin daƙiƙa goma, don haka wurinta kusa da direba. Idan hayaƙi ya taso daga inji, ba a wangale bonet. Ana ɗan ɗaga shi ne a fesa ta tsagar.

Dubawar wata-wata ba ta cin minti biyu. Allurar agogon da ke wuyanta ta tsaya a kan kore. Fil ɗin da ke maƙale da hannun yana nan da hatiminsa, tiyo bai tsage ba, zanzaro bai yi gini a bakin ba, gindin bai yi tsatsa ba. Mai hoda sai a kifa ta a kara kunne: a ji hodar tana zubowa kamar yashi. Girgizar hanya takan dunƙule ta, allura na kan kore amma ba abin da zai fito.

Ta CO2 ba ta da agogo, sikeli ne shaidarta. A ce an rubuta a jikinta cewa cikakken nauyinta kilo 6 ne, iskar ciki kilo 2. Idan sikeli ya nuna ƙasa da 5.8, ta rasa fiye da kashi 10 cikin 100 na iskarta, sai a kai ta ciko.

Kada a ɗan matsa don gwaji. Hoda takan maƙale a bawul, iskar ta sulale cikin 'yan kwanaki, don haka duk wadda aka taɓa matsawa sai an sake cika ta. Sau ɗaya a shekara ƙwararre ya duba ta ya rubuta kwanan wata a jikinta.

Ranar da aka buƙace ta, mai riƙe da ita ya tsaya ƙofa na bayansa, tazarar kamar mita biyu daga wutar. Ya zare fil, ya saita gindin wutar ba harshenta ba, ya matsa yana karkaɗa bakin dama da hagu. Idan ta ƙare wutar na ci, ya fita ya ja ƙofa, ya kira 'yan kwana-kwana.