Wayar haske da sautin gem: abin da take ɗauka da abin da ya fi ƙarfinta

A bayan PlayStation 4 ta farko, wadda ta fito a 2013, akwai wata ƙaramar kafa mai ɗan murfi da aka rubuta wa DIGITAL OUT (OPTICAL). Nan ake sa wayar oftikal, wato wayar da ke kai sauti ta hanyar haske maimakon lantarki. Idan na'urar na kunne, ka jona kai ɗaya ka duba ɗayan, za ka ga jan haske a bakinsa. Kamfanin Toshiba ne ya fito da ita a 1983, tun zamanin da faifan CD ke tashe, kuma daga nan iyakarta ta samo asali: an tsara hanyar ne don sifika biyu, hagu da dama.

Duk da haka tana da ranarta. Mutane da yawa na da tsohuwar amfilifaya mai sifika biyar da ta bas guda, lafiyarta ƙalau, sai dai ba ta da kafar HDMI. Wayar haske ce ke haɗa ta da na'urar gem. Kuma tunda gilashi ne ko roba a cikinta, ba ƙarfe ba, gurnanin da ke biyo wayar lantarki ba ya bi ta cikinta.

Ta yaya hanyar sifika biyu ke ɗaukar sautin shida? Matse shi ake yi. Ɗanyen sauti, wanda ake kira PCM, na sifika biyu yana cin kimanin megabit 1.5 a daƙiƙa. Dolby Digital na dunƙule tashoshi shida zuwa kilobit 640 ko ƙasa da haka, DTS kuma zuwa wajen megabit 1.5, sai su shige gurbin waɗancan biyun, amfilifaya ta warware su a can. Kamar auduga ce da aka danne don ta shiga buhu, illa dai a nan akwai ɗan abin da ake zubarwa wanda kunne bai cika lura da shi ba.

Duk abin da ya wuce wannan, wayar ba ta ɗauka. Ɗanyen PCM mai tashoshi 5.1 ko 7.1 ba ya bi. Dolby TrueHD, da kan kai megabit 18, da DTS-HD Master Audio ba sa bi. Haka Dolby Digital Plus, da Dolby Atmos da DTS:X masu kawo sauti ta saman kai. Waɗannan sai HDMI. Kada mai shago ya sayar maka da waya mai tsada da sunan za ta buɗe su, domin iyakar tana cikin tsarin aika saƙon ne, ingancin wayar bai taɓa ta ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne saiti. Mutum ya ji ana cewa Linear PCM ya fi kyau, kuma gaskiya ne a kan HDMI. Sai ya bar shi haka a kan wayar haske, ya kunna wasan harbi, abokin gaba ya zagayo ta bayansa amma sifikun baya shiru. Na'urar ta tattara komai ta mayar hagu da dama. Gyaran a PS4 ba wuya: shiga Settings, sai Sound and Screen, sai Audio Output Settings. A Primary Output Port zaɓi DIGITAL OUT (OPTICAL), ka sa alama a Dolby Digital 5.1ch. Sannan a Audio Format (Priority) ka zaɓi Bitstream (Dolby).

Kada ka dogara da kunne kawai wajen tantancewa. Wasu amfilifayoyin na ɗaukar sautin sifika biyu su watsa shi ko'ina da tsarin Pro Logic, sai ka ji sifikun baya na ƙara ka ɗauka an dace. Fuskar amfilifayar ce shaida: idan ta nuna Dolby Digital ko DTS, ainihin 5.1 ne ke shigowa. Idan PCM ta rubuta, tashoshi biyu ne. In kuwa babu sauti sam, duba ko ka cire ɗan murfin robar da ke bakin sabuwar waya, ko ta lanƙwashe sosai a bayan kanta.

PS4 Slim, PS5 da Xbox Series X da S duk ba su da wannan kafa. Masu su kan kai HDMI zuwa talabijin, su ɗauki sauti daga kafar hasken talabijin ɗin. Yana yi, muddin talabijin ɗin na barin Dolby Digital ya wuce, a saitin da galibi ake rubutawa Passthrough ko Auto. Wani lokaci sautin kan ɗan makara a bayan hoto, abin da ɗan wasan ƙwallo zai ji a jikinsa nan take. Nintendo Switch kuma 5.1 ɗinta ɗanyen PCM ne kaɗai, ba ta yin Dolby Digital, don haka ta wannan hanya hagu da dama kawai za ka samu. Mai ita da ke son sautin zagaye sai ya nemi amfilifaya mai kafar HDMI ya jona ta kai tsaye.