Yadda Ake Taɓa Ƙafa Ɗaya a Bar Sauran Bakwai

Wani ɗalibi ya haɗa ƙaramin injin ƙyanƙyasar ƙwai da allon Arduino Uno. Ya ɗaura hita a ƙafa ta 8, fanka a ƙafa ta 9, ga kuma 'yar fitilar da ke jikin allon a ƙafa ta 13, wadda yake so ta riƙa nuna masa cewa injin na raye. Ƙwan kaza na bukatar zafin da ya kai kusan digiri 37.5 har tsawon kwana 21, don haka aikin hita da fanka ba abin wasa ba ne. Komai na tafiya daidai, sai ya ƙara layi ɗaya domin kunna fitilar:

```c
PORTB = 0b00100000;
```

Fitila ta kama. A daidai wannan lokacin kuma hita ta mutu, fanka ta tsaya. Zai duba waya, ya duba rile, ya zargi batir, alhali duk lafiyarsu lau. Layin da ya rubuta ne ya kashe su, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina ayisin da ke tsakiyar allon.

Wannan ayisi, ATmega328P, ƙaramar kwamfuta ce sukutum a cikin ƙwaya ɗaya. Kamfanin Atmel ne ya ƙera ta, kafin Microchip ya saye kamfanin a 2016. Ƙafafunta ba a warwatse suke ba, an ɗaure su rukuni-rukuni, kowane rukuni da rajistar da ke juya shi. Rajista wani ɗan gurbi ne a cikin ayisin mai ɗaukar bit takwas, kowane bit kuwa ko dai 0 ne ko 1. Idan bit ya zama 1, ƙafarsa ta fitar da bolt 5, idan ya zama 0, ta sauka ƙasa. Ana ƙirga su daga dama, a fara da sifili. A rukunin B, bit na 0 shi ne ƙafa ta 8 a jikin allo, bit na 1 ƙafa ta 9, haka har bit na 5 wanda shi ne ƙafa ta 13. Biyun ƙarshe an ba da su ga ƙiristal ɗin da ke buga wa ayisin agogo.

To, kafin ɗalibin ya rubuta layinsa, abin da ke cikin `PORTB` shi ne `00000011`, wato hita da fanka duk a kunne. Alamar `=` ba ta san zaɓe ba. Ta kwashe duk abin da ke gurbin ta zuba sabo, kuma sabon yana da sifili a wurin hita da wurin fanka. Ɗalibin fitila kawai yake nufi, amma umarni takwas ya bayar.

Maganin shi ne a yi wa rajistar marufi. Mai ƙunshi kan manna tef a tafin hannu kafin ta shafa lalle, inda ta rufe ya fita fes, inda ta bari ya kama. Marufin rajista ma haka yake, sai dai shi lamba ce mai bit takwas da ke ware gurbin da za a taɓa daga waɗanda za a ƙyale. Ana ƙera shi da `(1 << 5)`, ma'ana a ɗauki 1 a tura shi hagu sau biyar, a samu `00100000`. Masu rubutu sun fi son `(1 << PB5)`, domin `PB5` suna ne kawai da aka ba lamba 5, kuma ya fi sauƙin ganewa ga wanda zai karanta daga baya.

Kunnawa aikin OR ne, alamarsa `|`. Ana jera rajista da marufi, a dubi kowane gurbi shi kaɗai. In ɗaya daga cikin biyun 1 ne, sakamako 1. Abin lura a nan shi ne abin da sifili ke yi: duk bit ɗin da aka haɗa da 0 ta hanyar OR yana fita yadda ya shiga.

```
  00000011   PORTB
| 00100000   (1 << PB5)
= 00100011
```

Fitila ta kama, hita da fanka ba su ma san an yi ba. A rubuce, `PORTB |= (1 << PB5);` ke nan. Bambancinsa da layin da ya jawo ɓarna sanda ɗaya ce tsaye a gaban `=`.

Kashewa ta fi ɗan wuya, kuma a nan ne mafi yawan masu koyo ke tuntuɓe. OR ba ya iya mayar da 1 ya koma 0, don haka sai a koma ga AND, mai alamar `&`, wanda ba ya ba da 1 sai duka biyun sun zama 1. A wurinsa doka ta juye. Sifili ne ke kashewa, ɗaya kuma shi ne ke barin bit yadda yake. Ke nan marufin da ake bukata dole ya zama ɗaya-ɗaya ko'ina, sifili a gurbin da ake nufi kaɗai. Alamar `~` ce ke yin wannan juyi, tana kifar da kowane bit. A ce zafi ya wuce kima ana so a kashe hita:

```
  00100011   PORTB
& 11111110   ~(1 << PB0)
= 00100010
```

Layin shi ne `PORTB &= ~(1 << PB0);`. Wanda ya manta da `~` zai ga abin mamaki, domin marufinsa zai zama `00000001`, hitar da yake son kashewa ita kaɗai za ta rage a kunne, fanka da fitila su mutu. A cikin injin ƙwai, hita ba fanka hanya ce ta dafa ƙwan da ke kusa da ita. Akwai kuma mai rubuta `!` a madadin `~` don ya ji duk biyun korewa suke yi. Ita `!` ba ta duba bit ɗaya-ɗaya, lambar gaba ɗaya take kallo, in ba sifili ba ce ta mayar da ita sifili. Sakamakon AND da sifili kuwa shi ne rukunin duka ya yi ɗif. Manhajar da ke fassara rubutun ba za ta hana shi ba, tunda a ƙa'idar harshen C layin halal ne. Alamar da za ta tona asiri ita ce wannan: in ka kashe abu ɗaya komai ya mutu, nemi `!`, in kuwa komai ya mutu ban da abin da ka nufa, `~` ce ta ɓace.

Na uku shi ne juyawa, wato in a kunne take a kashe, in a kashe take a kunna, ba tare da an tambayi halin da take ciki ba. Wannan aikin XOR ne, mai alamar `^`. Duk bit ɗin da ya haɗu da 1 sai ya kife, wanda ya haɗu da 0 ya tsaya. `PORTB ^= (1 << PB5);` in ana maimaita shi duk rabin daƙiƙa, fitila za ta riƙa ƙyaftawa. A ganina iyakarsa ke nan, fitilar alama da makamantanta. Ba na son ganin an juya hita ko famfo da XOR, domin in lissafi ya kuɓuce sau ɗaya, daga nan duk lokacin da manhaja ke zaton ta kashe, kunnawa take yi. Abin da ke da haɗari a ba shi umarni ƙarara, kunna ko kashe.

Akwai kurakurai biyu da ba su da hayaniya. Na farko shi ne rikita lambar allo da lambar bit, a rubuta `(1 << 13)` don an ga 13 a jikin allon. Ɗayan da aka tura ya wuce gurbi takwas ɗin rajistar ya faɗa waje, saboda haka babu abin da zai faru, ko alama. Na biyu shi ne mantawa da `DDRB`, rajistar da ke faɗin ko ƙafa ta fitar da wuta ce ko ta sauraro. Da irin wannan marufi ake saita ta:

```c
DDRB |= (1 << PB0) | (1 << PB1) | (1 << PB5);
```

In ba a yi haka ba, ƙafar tana nan a matsayin mai sauraro, kuma rubuta mata 1 a `PORTB` ba ya yin komai illa haɗa ta da bolt 5 ta wata resista ta ciki mai tsakanin kilo'om 20 zuwa 50. Mita za ta nuna kusan bolt 5 in ba a ɗora wa ƙafar komai ba, amma da zarar ka haɗa mata fitila, sai ka ga haske dishi-dishi, da ƙyar ake ganinsa. Mutane da yawa kan ɗauka fitilar ce ta lalace su canza ta.

Matsalar da ta fi duka wahalar kamawa tana zuwa ne ko da an rubuta marufin daidai. Layin XOR ɗin nan a ido abu ɗaya ne, amma ayisin mataki-mataki yake yinsa: ya karanto rajista, ya yi lissafi, ya mayar. Ayisin kuma yana da tsarin katsewa, inda wani aiki na gaggawa, kamar agogon da ke duba zafi, kan dakatar da abin da ake yi ya yi nasa sannan a ci gaba. A ce babban aiki ya karanto `00000011` zai juya fitila. Kafin ya mayar, katsewa ta shigo, ta ga zafi ya yi yawa, ta kashe hita, rajista ta zama `00000010`. Babban aiki ya dawo riƙe da tsohon karatunsa, ya rubuta `00100011`. Hita ta sake kamawa ba wanda ya umarce ta. Agogon allon na bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa, tazarar da wannan zai iya faruwa ba ta wuce bugu biyu ko uku ba, shi ya sa injin zai iya yin kwanaki lafiya kafin ya yi sau ɗaya, kuma in ka zauna kana jira ba zai yi a gabanka ba.

Hanya ɗaya ta tsira ita ce a rufe ƙofar katsewa da `cli()` kafin layin, a buɗe da `sei()` bayansa. Haka `digitalWrite` na Arduino ke yi a cikinsa, yana rufe katsewa sannan ya yi amfani da `|=` ko `&= ~` ɗin nan da muka gani, kuma wannan kariya da binciken lambar ƙafa na cikin abin da ya sa ya fi rubutun kai tsaye jinkiri nesa ba kusa ba. Kunnawa da kashe bit ɗaya tak, in lambarsa a kafe take a rubutu, yawanci ba su da wannan matsala a ATmega328P, domin ana fassara su zuwa umarni guda, `sbi` ko `cbi`, wanda katsewa ba ta iya raba shi biyu. Da zarar bit ɗin sun zama biyu, ko lambar ƙafar ta zama mai canzawa, an koma mataki-mataki.

Juyawa kuwa maƙeran ayisin sun yi mata wata ƙofa ta daban. Rajistar `PINB` asalinta ta karanta halin ƙafafu ce, amma in aka rubuta mata 1 a wani gurbi, bit ɗin da ke daidai da shi a `PORTB` sai ya kife, sifili kuma ba ya taɓa komai:

```c
PINB = (1 << PB5);
```

A nan `=` tsurarta ita ce daidai, tunda ba a karanto komai ba balle a mayar da tsohon karatu. Sai dai ba kowane ayisi ke da wannan ba. Tsohuwar ATmega8, wadda allunan Arduino na farko suka yi amfani da ita, ba ta da shi, don haka kafin a kwafi layin zuwa wani allo sai a buɗe takardar bayanan ayisinsa a duba sashen ƙafafu.