Kunne a Layin Masu Nika

A layin masu nika, sai da aka kashe injuna kafin ma'aikaciyar lafiya ta soma magana.

Ta ce, "Alhaji, in sai ka ɗaga murya wanda ke gabanka zai ji ka, ƙarar ta kai mai lalata ji. In ka koma gida kunne na ƙugi, gargaɗi ne, domin jin da ƙara ta cinye ba ya dawowa."

Shawararta: a matsar da janareto nesa da rumfa, mai nika ya sa matoshin kunne na roba, auduga ba ta tare ƙara sosai.

Da ta hango tsinken ashana a kunnen wani mai tumatir, ta ce, "Malam, tura dauɗar ciki kake yi. Kunne na fitar da ita da kansa. In yana zubar da ruwa, kar a ɗiga manja, a tafi asibiti."