Bututun kafilari da bawul ɗin faɗaɗawa a na'urorin sanyaya

Bututun kafilari da bawul ɗin faɗaɗawa su ne hanyoyi biyu da aka fi amfani da su wajen daidaita yawan sinadarin sanyaya da ke shiga ibaforeta a firji, firiza, na'urar sanyaya ɗaki da ɗakin sanyi na ajiyar kaya. Sinadarin, wanda masu gyara ke kira gas, yana barin kwandensa ne a matsayin ruwa mai ɗumi kuma mai matsi sosai. Kafin ya iya sanyaya wani abu sai ya bi ta wata ƙuntatacciyar hanya da za ta rage masa matsi, domin ya tafasa a ƙaramin zafi ya zuƙe zafin da ke kewaye da shi. Wannan ƙuntatawa ita ce aikin na'urorin biyu. Inda suka bambanta shi ne kafilari ba ya canza girman hanyarsa ko kaɗan, shi kuwa bawul yana buɗewa yana rufewa gwargwadon buƙatar ibaforeta, kuma daga nan ne matsalolin kowannensu suka samo asali.

## Bututun kafilari

Kafilari siririn bututun jan ƙarfe ne, faɗin cikinsa yakan kama daga rabin milimita zuwa milimita 2, tsawonsa kuma daga mita 1 zuwa kamar mita 6. Ba shi da wani sashe mai motsi. Gogayyar ruwa da bangon bututun ce ke rage matsi, kuma kafin ya kai ƙarshe wani ɓangare na ruwan ya riga ya zama tururi. Arharsa ta sa kusan kowane firjin gida da ƙananan na'urorin sanyaya ɗaki da shi suke aiki.

Yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Idan kwamfuresa ta tsaya, gas yakan ci gaba da bi ta cikinsa har matsin ɓangarorin biyu ya daidaita, don haka ƙaramar mota marar ƙarfin tashi ta isa ta sake tayar da kwamfuresar. Sai dai daidaituwar na ɗaukar 'yan mintuna. A wuraren da ake ɗauke wuta a dawo da ita nan take, ko a sauya zuwa janareta ba tare da jinkiri ba, kwamfuresa kan yi yunƙurin tashi alhali matsin bai sauka ba, ta kasa, na'urar kariya ta yanke ta da ɗan ƙara "tik". Shi ya sa ake cewa a jira minti 3 zuwa 5 kafin a sake kunna firji.

## Matsalolin kafilari

Na'ura mai kafilari ba ta da tankin ajiyar ruwan gas, saboda haka adadin gas ɗin da ke cikinta dole ya zama daidai da wanda aka rubuta a jikin allonta. Firjin gida mai R600a sau da yawa gas ɗinsa bai kai giram 100 ba, kuskuren 'yan giram kaɗan ma yana nunawa. Idan gas ya yi yawa, ruwa yakan wuce ibaforeta bai gama tafasa ba, ƙanƙara ta kama bututun komawa a bayan firji, kwamfuresa ta riƙa jan wuta fiye da kima. Ruwan da ya isa kwamfuresa yana tsinka man da ke cikinta, a hankali ya cinye ta. Idan gas ya yi kaɗan, farkon ibaforeta ne kawai ke yin ƙanƙara, saura ya zauna da ɗumi, kwamfuresa kuma ba ta hutawa. Cika gas da ido ko da taɓa bututu, ba tare da sikeli ba, shi ne tushen da yawa daga cikin waɗannan matsaloli.

Matsala ta biyu ita ce toshewa, kuma iri biyu ce. Akwai toshewar datti: burbushin walda, ƙonannen mai, ko garin diraya da ta lalace. Wannan ba ta tafiya da kanta. Akwai kuma toshewar danshi, wadda ke da alama ta musamman. Firji zai fara sanyi lafiya, bayan wani lokaci ɗigon ruwan da ke yawo cikin gas ya daskare a bakin fitar kafilari, inda ya fi ko'ina sanyi, sai sanyi ya tsaya cak, ƙanƙarar ibaforeta ta narke. In an kashe shi ya huta, ko an ɗora tsumma mai ɗumi a wurin, sai a ji gas ya wuce da ƙarar kwarara, aiki ya dawo, sannan abin ya sake maimaituwa. Na'urori masu R134a sun fi fama da wannan, domin man da ake haɗa shi da shi yana shan danshi daga iska da sauri. Maganin shi ne sauya diraya, a zuƙe iskar ciki da famfo sosai, a cika gas da awo.

Abin da ya fi rikita masu koyo shi ne toshewar da ba ta cika ba tana kama da ƙarancin gas: duka biyun suna kawo ƙarancin matsi a ɓangaren zuƙa da rabin ƙanƙara. Ana rarrabe su ta hanyar kashe kwamfuresa a zuba wa geji ido. In yoyo ne, matsin ɓangaren zuƙa zai hau ya daidaita cikin lokacin da aka saba. In toshewa ce, zai hau a hankali ƙwarai ko ya ƙi hawa, domin gas ɗin ya taru a kwandensa ya rasa hanya. Wanda ya ƙara gas a kan toshewa ya ƙara wa kwamfuresa nauyi ne kawai. A kuma lura cewa R600a yana tafasa ne a wajen digiri 12 ƙasa da sifili a matsin iskar duniya, don haka geji ya nuna ƙasa da sifili a firji mai wannan gas ba alamar toshewa ba ce, haka yake aiki. Yana kuma kama wuta, ba a kai masa harshen walda sai an fitar da shi tas.

## Bawul ɗin faɗaɗawa

Irin da aka fi sani shi ne mai aiki da zafi, wanda ake rubuta TXV ko TEV a takardun kaya. Ana samunsa a ɗakunan sanyi, manyan firizojin kasuwa, manyan na'urorin sanyaya gini da motoci da yawa. A cikinsa akwai allura da ke buɗe ko rufe wata ƙaramar kafa, kuma wani siririn faifan ƙarfe ne ke motsa ta. Daga sama, matsin wani ɗan kwalba mai gas nasa na daban, wanda aka ɗaure a bututun da ke fita daga ibaforeta, yana tura allurar ta buɗe. Daga ƙasa, matsin ibaforeta da na sifirin suna tura ta ta rufe.

Abin da bawul ke tsarewa shi ne rarar zafi, wato tazarar da ke tsakanin zafin bututun fita da zafin da gas ke tafasa a matsin da geji ya nuna. Rarar digiri 4 zuwa 7 ita ce aka saba nema a mafitar ibaforeta. In kaya masu ɗumi suka shiga ɗaki, bututun fita ya ɗumama, kwalban ya ji, bawul ya ƙara buɗewa. Kafilari ba ya iya wannan. Kuɗinsa shi ne bawul yakan rufe idan na'ura ta tsaya, matsi bai daidaita ba, don haka yana buƙatar kwamfuresa mai ƙarfin tashi, kuma galibi da tankin ajiyar ruwan gas.

## Matsalolin bawul

Matsalolinsa ko dai ya hana ibaforeta gas, ko ya cika ta fiye da kima. Yana hana ta idan gas ɗin kwalban ya zube, domin babu abin da zai tura allurar ta buɗe. Haka ma idan 'yar ragar tacewa da ke bakinsa ta toshe, ko danshi ya daskare a kafar, ko kuma tururi ya iso shi a maimakon ruwa zalla saboda ƙarancin gas ko toshewar diraya. Yana cika ta idan kwalban ya saki daga jikin bututu ko ba a naɗe shi ba, ya riƙa jin ɗumin iskar wurin yana tsammanin ibaforeta na neman ƙari. Ba a ɗaure kwalban a ƙasan bututu, saboda man da ke kwance a nan yana hana shi jin ainihin zafin tururin. Akwai kuma kai-da-komo, inda allurar geji ke hawa tana sauka ba ta tsayawa, wanda yawanci ke nufin bawul ɗin ya yi wa na'urar girma ko an daidaita rarar zafi ƙasa sosai.

A ɗauki misalin ɗakin sanyi mai R134a. Yana lafiya, gejin zuƙa na nuna ba 1.0, wanda ya yi daidai da tafasa a digiri 10 ƙasa da sifili, bututun fita kuma yana digiri 4 ƙasa da sifili. Rarar zafi ta zama digiri 6. Wata rana ɗakin ya daina sanyi, geji ya sauka zuwa ba 0.3, wato tafasa a digiri 20 ƙasa da sifili, bututun fita kuma yana digiri 5 sama da sifili. Rarar ta kai digiri 25, ibaforeta na cikin yunwa. Tambayar ita ce, gas ne ya ragu ko hanya ce ta ƙuntata?

Amsar tana ɓangaren matsi mai yawa. Geji na nuna kusan ba 9.2, wato gas na komawa ruwa a digiri 40, bututun ruwa yana digiri 33, gilashin leƙawa kuma cike yake babu kumfa. Ruwan ya sanyaya da digiri 7 ƙasa da ma'aunin komawarsa ruwa, ke nan akwai isasshen gas a jibge bayan bawul. Sai a taɓa gaba da bayan diraya: in zafinsu ɗaya ne, ba ita ce ta toshe ba. Daga nan a ɗumama jikin bawul da tsumma mai ruwan ɗumi. In matsi ya yi tsalle ya hau, danshi ne. In bai motsa ba, a kwance kwalban a dunƙule shi cikin tafin hannu na ɗan lokaci. Bawul mai lafiya zai buɗe, matsin zuƙa ya hau nan da nan, kuma kada a daɗe a haka don gudun ruwa ya isa kwamfuresa. In bai hau ba, saura abu biyu: ragar bakin bawul ta toshe, ko gas ɗin kwalban ya zube. Ana buɗewa a duba ragar. In tsaf take, kan bawul ɗin ko bawul ɗin gaba ɗaya ake sauyawa. Juya kusar daidaitawa ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan, yana ƙara wa mai gyara aikin mayar da ita inda take ne kawai bayan an gano ainihin laifin.