Kafin ka shiga gaban kwamitin ladabtarwa

Ma'aikacin ƙaramar hukumar Bagudo da aka tura karɓar haraji a kasuwar Tsamiya, kusa da iyakar Benin, an zarge shi da giɓin kuɗi, alhali ya san bai ci ba. Abin da zai fi cutar da shi a zauren shi ne fushi, domin mai fushi yakan bar tambaya ya koma faɗa da wanda ya kai ƙararsa.

Tun da dare ya karanta takardar tuhumar, ya ware abin da aka zarge shi da shi kaɗai, ya jera rasit ɗinsa rana bayan rana. Ya sa wani ɗan'uwa ya yi masa tambayoyi masu zafi har ya saba amsawa a natse. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi sauraron kowane ɓangare. In an miƙo maka takarda, malam, kada ka sa hannu sai ka karanta.