Dabarar ninkawa da ɗaya: intagiral ɗin sekant da kosekant

Duk ɗalibin da ya yi nisa a kalkulas yakan iso wata gaɓa da ke ɗaure masa kai. Ya saba da intagiral ɗin sin x da na cos x, ba ya ko tsayawa tunani. Sai malami ya rubuta ∫ sec x dx a allo, ya ce a ninka sama da ƙasa da (sec x + tan x). Nan take amsa ta fito. Ɗalibi ya kwafa, ya haddace, amma tambaya tana nan a ransa: daga ina malam ya samo wannan? Tambayar tana kan hanya, domin dabarar tana da dalilin da kowa zai iya ganinsa, kuma ita kanta matsalar daga wajen matuƙan jiragen ruwa ta taso.

A shekarar 1569 Gerardus Mercator, wani mai zanen taswira ɗan yankin Flanders, ya fitar da taswirar duniya wadda matuƙi zai ja miƙaƙƙen layi a kanta, ya auna kusurwa, ya bi kamfas a kan wannan kusurwar har ya isa. Wahalar ita ce duniya a dunƙule take, takarda kuwa a shimfiɗe. Da'irar da ta kewaye duniya a ikweta ita ce mafi girma, kuma da'irorin suna tsukewa idan ana yin arewa ko kudu. Wadda ke latitud x, tsawonta shi ne na ikweta sau cos x. A latitud digiri 60, wajajen birnin Oslo ke nan, rabin ikweta ce kawai. Taswira kuwa tsawo ɗaya take ba su duka, wato ta buɗa kowace da'ira da 1/cos x. Wannan adadin shi ake kira sekant, ake rubuta shi sec x. Idan ana so kusurwoyi su tsaya daidai, dole a ja taswirar ta arewa da kudu gwargwadon yadda aka buɗa ta gabas da yamma. Saboda haka tazarar kowane gari daga ikweta a kan takarda jimlar ƙananan sekant ce, tun daga sifili har latitud ɗinsa. Wannan tarawar ita ce intagiral.

Edward Wright na Ingila ya yi aikin da hannu, yana tara sekant ɗaya bayan ɗaya, ya buga jadawalinsa a 1599. Wajen 1645 wani malamin ilimin tuƙin jirgi, Henry Bond, ya lura cewa lambobin Wright sun yi daidai da na wani jadawalin logaridim. Ya ga amsar, bai san dalilinta ba. Sai a 1668 James Gregory ya kawo hujja, Isaac Barrow kuma ya kawo wadda ta fi sauƙin bi a 1670. Abin da ake gamawa yau cikin layi uku ya ɗauki masana shekara ɗari.

To, ga yadda dabarar take. Kowane adadi mai canzawa yana da saurin canjinsa, intagiral kuwa komawa baya ne: an ba ka saurin canji, ka nemo mai shi. Akwai wata ƙa'ida guda da komai ya rataya a kanta. Idan ka sami firakshan wanda samansa shi ne saurin canjin ƙasansa, intagiral ɗinsa logaridim ɗin ƙasan ne:

∫ u′/u dx = ln|u| + C

Yanzu dubi waɗannan biyun. Saurin canjin tan x shi ne sec²x. Na sec x kuwa shi ne sec x tan x. Dukansu suna ɗauke da sec x. Haɗa su, ka zare shi waje:

sec²x + sec x tan x = sec x (sec x + tan x)

Abin da ke cikin baka shi ne ainihin abin da muka faro da shi. Idan muka kira sec x + tan x da sunan u, to saurin canjinsa shi ne sec x sau u. Raba kowane gefe da u, sai ka ga sec x = u′/u. Ashe tun can sekant irin wancan firakshan ɗin ne, ƙasansa ne kawai ya ɓuya. Ninkawa da (sec x + tan x)/(sec x + tan x) ninkawa ce da ɗaya, ba ta ƙara komai, ba ta rage komai, fito da ƙasan kawai take yi. Amsa ke nan:

∫ sec x dx = ln|sec x + tan x| + C

A ganina wannan haɗawar ya kamata a fara nuna wa ɗalibi kafin a ambaci ninkawa. Wanda ya ga ta da idonsa ba ya buƙatar hadda.

Mu gwada a kan taswira. A ce ikweta a takardarmu ta fito daga dunƙulen duniya mai santimita 10 daga tsakiya zuwa baki. A digiri 60, sec 2 ne, tan kuwa 1.732. Jimla 3.732, ln ɗinta 1.317. Wato Oslo za ta zauna kusan santimita 13.2 sama da ikweta, alhali a jikin dunƙulen santimita 10.5 ne. Kano kuwa tana digiri 12: sec 1.022, tan 0.213, ln ɗin jimlarsu 0.211. Santimita 2.11 ke nan a taswira, 2.09 a dunƙule, kusan babu ja. Shi ya sa ƙasashenmu suke fitowa da girmansu na gaskiya, na arewa mai nisa kuma su kumbura, har Greenland ta yi kamar ta kai Afirka, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14.

Kosekant, wato csc x ko 1/sin x, hanya ɗaya yake bi. Ana ninkawa da (csc x + cot x) sama da ƙasa. Bambancin shi ne saurin canjin csc x da na cot x duka suna da alamar ɗebewa, don haka:

∫ csc x dx = −ln|csc x + cot x| + C

Wannan alamar ita ce ɗalibai suka fi yar wa a hanya, kuma akwai yadda za a kama kuskuren. Ɗauki intagiral daga digiri 30 zuwa 90. A 90, csc 1 ne, cot sifili, ln 1 kuwa sifili. A 30, jimlar 3.732 ce. Amsa ta gaskiya 1.317. Wanda ya manta alamar zai sami −1.317, kuma hakan ba zai yiwu ba, tun da kosekant bai taɓa sauka ƙasa da sifili a wannan tsakanin ba. Idan kuma ka ga wani littafi ya rubuta ln|csc x − cot x|, kada ka ɗauka saɓani ne. Idan aka ninka (csc x + cot x) da (csc x − cot x) ana samun ɗaya, saboda haka amsa guda ce. A kalkuleta kuma maɓallin ln ake dannawa. Wanda ya danna log zai sami 0.572 a maimakon 1.317.

Iyakar dabarar tana digiri 90. Can cos x ya koma sifili, sekant ya haura ba iyaka, intagiral ɗin ma ya bi shi. Duk wanda ya saka lambobi daga digiri 60 zuwa 120 a cikin amsar, kalkuleta za ta ba shi adadi, amma adadin ba shi da ma'ana, domin ya tsallake wurin da lissafin ya yanke. A taswira ma haka abin yake: ko takarda ta kai ina tsawo, ƙarshen duniya na arewa ba zai hau kanta ba. Yawancin taswirorin da muke buɗewa a waya suna yanke duniya ne a wajen digiri 85, daidai inda ln(sec x + tan x) ya kai π, domin a nan ne tsawon taswirar yake yin daidai da faɗinta.